Daga Kwateshan Zuwa Oda: Yadda Kwamfuta Ke Ɗaukar Alkawarin Ɗan Kasuwa Ba Tare Da Sake Rubutu Ba

Duk kamfanin da ke sayar wa 'yan kwangila, makarantu ko ofisoshi kaya ya san takardu biyu da ke bin juna. Ta farko ita ce kwateshan, wato takardar da mai kaya ke zayyana wa mai saye abin da zai kawo, nawa ne farashin kowanne, da ranar da farashin zai daina aiki. Ta biyu ita ce oda, wadda ake buɗewa bayan mai saye ya ce ya amince. Da oda ne sito ke fitar da kaya, da ita direba ke lodi, kuma daga gare ta akawu ke ciro takardar neman biya. A ofisoshi da yawa, abin da ke haɗa takardun nan biyu shi ne yatsun ma'aikaci: ya ajiye kwateshan a gefe, ya buɗe sabon shafi, ya shiga kwafe layi bayan layi. A wannan ɗan tsakanin ne kuɗi ke zubewa, kuma a nan ne amana ke samun tabo.

Mu ɗauki misali da mai sayar da kayan gini, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Farashin da zan kawo na misali ne kawai, don lissafi ya fito sarai. Ɗan kwangila ya nemi kwateshan, aka rubuta masa layi huɗu. Siminti buhu 200 a kan naira 10,000, wato miliyan biyu. Rodi mai kauri milimita 12 guda 150 a kan naira 9,000, wato 1,350,000. Kwanon rufi bandir 30 a kan naira 45,000, shi ma 1,350,000. Fenti bokiti 20 a kan naira 15,000, wato 300,000. Jimla miliyan biyar cif. Bayan an yi ciniki an yi masa ragin kashi 2 cikin ɗari, kuɗin ya koma 4,900,000. Aka ɗora harajin kayan masarufi, wanda a Najeriya yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, ya kama naira 367,500. Abin da mai saye ya gani a ƙasan takarda, ya kuma amince da shi, shi ne naira 5,267,500.

Yanzu a ba ma'aikaci takardar nan da ƙarfe biyar na yamma, ga wayarsa tana ƙara, ga direba a tsaye a bakin ƙofa yana jiran takardar lodi. Idan yatsansa ya juya 150 ya koma 105, rodi 45 sun ɓace daga odar, kayan naira 405,000 ke nan, kuma ba wanda zai sani sai mota ta sauke a wurin gini birkila ya ƙirga. Idan ya manta da ragin, mai saye zai ga ƙarin naira 107,500 a takardar biya, domin harajin ma ya hau tare da shi. Akwai kuma kuskuren da ba na yatsa ba ne, wanda ya fi waɗannan wuyar kamawa. Ma'aikacin ya zaɓi siminti daga jerin kaya, kwamfuta ta cika masa farashin yau, wanda tun jiya ya koma naira 10,500. Bai yi kuskuren bugu ba, amma ga naira 100,000 ta ƙaru a kan abin da aka yi alkawari. Ɗan kwangila ba zai kira wannan kuskure ba. Zai ce an yi masa wayo.

Saboda haka aikin da ake nema daga manhaja ya wuce sauƙaƙa wa ma'aikaci wahala. Ana so oda ta zama ainihin alkawarin da mai saye ya amince da shi, layi da layi, ba sabon lissafi da farashin yau ba.

Hanyoyi biyu da manhajoji ke bi

Manhajojin tafiyar da kasuwanci sun kasu gida biyu a kan wannan batu, kuma akwai fitattun misalai biyu da ƙananan kamfanoni ke amfani da su a ƙasashe da dama. Odoo, wadda Fabien Pinckaers ya fara a Beljiyam a 2005, ta ɗauki kwateshan da oda a matsayin takarda ɗaya mai canza matsayi. Tana farawa a matsayin `draft`, idan an aika wa mai saye ta koma `sent`, idan an danna `Confirm` ta koma `sale`. Lambarta ba ta canzawa, layukanta ba sa motsawa ko'ina, don haka babu abin da za a kwafa balle a yi kuskure. Idan kamfanin yana amfani da sashen sito na manhajar, danna maɓallin nan kaɗai ya isa ya buɗe wa mai sito takardar fitar da kaya.

ERPNext, wadda kamfanin Frappe na birnin Mumbai a Indiya ke ginawa, ta bi ɗaya hanyar. A wurinta `Quotation` daban, `Sales Order` daban. Bayan an rufe kwateshan da `Submit`, sai a danna `Create` a zaɓi `Sales Order`, manhajar ta buɗe sabuwar takarda a cike: sunan mai saye, kowane kaya da adadinsa da ma'auninsa da farashinsa, ragi, haraji, sharuɗɗan biya. Abin da ido ba ya gani shi ne ya fi muhimmanci. Kowane layi na odar yana riƙe da lambar kwateshan ɗin da ya fito daga ciki, a wani gurbi mai suna `prevdoc_docname`. Da wannan zaren ne kwateshan ke sanin an cinye shi, matsayinsa ya tashi daga `Open` ya koma `Ordered`.

A ganina hanya ta biyu ta fi dacewa da yadda ake ciniki a wurinmu, saboda ba kasafai mai saye ke karɓar komai a tashi ɗaya ba. Ɗan kwangilarmu zai iya cewa, "Alhaji, a kawo siminti da rodi yanzu, kwano da fenti sai gini ya kai linta." A ERPNext sai a buɗe oda, a cire layukan kwano da fenti, a rufe ta. Kwateshan zai nuna `Partially Ordered`. Ranar da ya dawo aka sake danna `Create`, abin da ya rage kawai zai zo, bandir 30 da bokiti 20, a farashin da aka yi alkawari. Amma hanyar Odoo tana da nata ƙarfin: lamba ɗaya ce tun farko har ƙarshe, mai saye da mai sito da akawu duk ita suke ambata. Rauninta shi ne idan an bar ma'aikata suna taɓa takardar bayan an tabbatar da ita, asalin abin da aka yi alkawari yana iya shafewa, shi ya sa take da saitin `Lock Confirmed Sales` da ke kulle oda da zarar an tabbatar. Duk wanda ke amfani da ita ya kamata ya kunna shi.

Me ake nufi da "ya amince"?

Danna maɓalli ɗaya ya riga ya kawar da sake rubutu. Amma wasu suna so a ƙara gaba, ya zama ko maɓallin ba sai wani ya danna ba: mai saye na amincewa, oda na buɗuwa da kanta, ko da tsakar dare ne. Yin hakan a wurin mai rubuta manhaja ba wani dogon aiki ba ne. A sigogi na 14 da 15 na ERPNext, zuciyar abin layuka kaɗan ce:

```python
from frappe.utils import add_days, nowdate
from erpnext.selling.doctype.quotation.quotation import make_sales_order

so = make_sales_order("SAL-QTN-2024-00017")
so.delivery_date = add_days(nowdate(), 7)
so.insert()
so.submit()
```

Layin da ke kiran `make_sales_order` shi ne ke kwafe kwateshan gaba ɗaya. Na bayansa yana sa ranar kai kaya, a nan mako guda daga yau, domin wannan bayani ne da oda ke buƙata kuma manhajar ba ta yarda a rufe oda babu shi. Biyun ƙarshe suna adana takardar su rufe ta.

Wahalar tana wurin tambayar da mai kamfani ne kaɗai zai amsa: wace alama ce za ta sa a kira waɗannan layuka? Kwamfuta ba ta jin murya. Mu kuwa amincewarmu sau da yawa da baki take zuwa, ko da saƙon murya a waya. "To, ba damuwa" wani lokaci amincewa ce, wani lokaci sallama ce cikin ladabi. "Bari in yi magana da mai gida" kuwa ko kusa ba ta kai ba. Idan yaron shago ya ɗauki kowace "ba damuwa" a matsayin oda, sito zai cika da kayan da aka ware wa mutanen da ba za su zo ba, a hana waɗanda suka zo da kuɗi a hannu.

Alamomin da za a iya dogara da su uku ne a aikace. Akwai sa hannu: Odoo tana aika wa mai saye adireshin da zai buɗe kwateshan a wayarsa, ya danna amincewa ya sa hannu a kan allo, idan an kunna `Online Signature`, nan take takardar ta koma oda. Akwai takardar odar saye da manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati ke bayarwa, mai lamba da hatimi. Wannan sai mutum ya duba ta da ido ya shigar da lambarta, domin abin da ke cikinta kan saɓa da kwateshan. Sai kuma kuɗi, kafin alƙalami, wanda a kasuwa shi ne amincewar da ba ta da gardama. Mai kayan gininmu zai iya cewa oda ba za ta buɗe ba sai kashi 30 cikin ɗari ya shigo, wato naira 1,580,250 daga cikin 5,267,500. A nan dole a yi hattara da abu guda: alamar ta fito daga banki ko daga kamfanin da ke karɓar kuɗin, kai tsaye zuwa manhaja. Hoton rasit da mai saye ya turo, ko saƙon alat da ya nuna a wayarsa, ba su isa su buɗe oda ba. 'Yan kasuwa sun sha ganin alat na bogi.

Ƙofofin da ya kamata a tsare

Kafin manhaja ta juya kwateshan, akwai tambayoyin da ma'aikaci mai hankali yake yi a ransa ba tare da an koya masa ba. Idan aka cire shi daga tsakani, sai an rubuta wa kwamfuta waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce kwanan wata. Kowane kwateshan yana da ranar da farashinsa ke ƙarewa, `Valid Till` a ERPNext. Wanda ya yi kasuwanci bayan an saki darajar naira a Yunin 2023 ya san kwateshan na wata guda yana iya zama asara kafin watan ya cika. ERPNext tana ƙin juya kwateshan da ya ƙare, sai dai in an kunna `Allow Sales Order Creation For Expired Quotation` a cikin `Selling Settings`. Ana yawan kunna shi don a huta da ƙorafin masu sayarwa. Idan mutum ne ke danna maɓalli, da sauƙi, yana iya tsayawa ya kira mai gida. Idan kuwa oda tana buɗuwa da kanta, barin wannan saiti a kunne yana nufin ɗan kwangila zai iya tono kwateshan na watan Janairu a watan Mayu ya ɗauki siminti a tsohon farashi, kuma takardun kamfanin da kansu za su ba shi gaskiya.

Ta biyu, wadda na fi so mai karatu ya riƙe, ita ce: wane kwateshan ne aka amince da shi? Ciniki ba ya ƙarewa a takarda ɗaya. An aika na farko babu ragi, mai saye ya yi ƙorafi, aka aika na biyu da ragin kashi 2, sannan ya ce a rage fenti zuwa bokiti 15, aka aika na uku. Duk ukun suna cikin wayarsa. Idan duk a buɗe suke a manhaja, zai iya amincewa da kowanne, kuma kwamfuta za ta kwafe wanda aka nuna mata ba tare da ko harafi ɗaya ya kauce ba, alhali ba shi ne na ƙarshe ba. Maganin shi ne kada a taɓa buɗe sabon kwateshan a gefe don gyara tsoho. A ERPNext ana soke na farko da `Cancel` sannan a danna `Amend`, sai sabon ya fito da lambar tsohon da ƙarin `-1` a ƙarshe, na gaba `-2`. Ta haka guda ɗaya ne kawai ke raye a kowane lokaci. Da yawan rigingimun da ake ɗora wa manhaja, idan aka bi diddigi, daga nan suke fitowa: an yi ragin da baki a waya, ko an rubuta shi da biro a kan takardar da aka buga, ba a mayar da shi cikin kwamfuta ba. Abin da bai shiga kwateshan ba, ba zai shiga oda ba.

Ta uku ita ce oda biyu a kan kwateshan ɗaya. Wannan yakan faru ta hanyar da mutum ba zai zata ba. Kamfanonin karɓar kuɗi suna aiko wa manhaja saƙo cewa an biya, idan kuma ba su ji amsa da wuri ba, saboda intanet ta yanke ko kwamfuta ta yi nauyi, sai su sake aikowa. Saƙo biyu, oda biyu, siminti buhu 400. Ko kuma ma'aikaci ya riga ya buɗe oda da hannu bai rufe ba, sannan ta atomatik ta zo. ERPNext tana cire abin da aka riga aka yi odarsa, amma odar da aka rufe kawai take ƙirgawa, wadda ke zaune a `Draft` ba ta cikin lissafi. Don haka mai rubuta manhajar dole ya sa ta fara tambaya: shin akwai wata oda, rufaffiya ko buɗaɗɗiya, da ke nuni ga wannan kwateshan? In akwai, a tsaya. Lambar takardar odar saye ma tana taimakawa, domin manhajar tana ƙin karɓar lamba ɗaya sau biyu daga mai saye ɗaya matuƙar ba a ba ta izini a saiti ba.

Sauran ƙofofin ana iya wuce su da sauri. Bashi: idan an sa wa mai saye iyakar bashi, ERPNext tana dubawa lokacin rufe oda, ta ƙi idan ya zarce. Kaya: rufe oda yana nuna an ware adadin a lissafin sito, amma ba ya hana a yi odar buhu 200 alhali 120 ne a ƙasa, don haka wanda ke so a tsaya a nan sai ya ƙara wannan sharaɗi da kansa. Idan wata ƙofa ta ƙi buɗewa, kada abin ya mutu shiru. Odar ta tsaya ba a rufe ba, a aika wa wani mutum takamaimai saƙo da dalilin tsayawar. Mai saye da ya biya kafin alƙalami ya kwana biyu bai ji komai ba ya fi wanda aka yi wa kuskuren bugu fushi.

Aikin yana farawa ne daga kwateshan

Akwai sharaɗin da duk abin nan ya dogara a kansa, kuma shi ne ya fi cin lokaci a kamfanin da ya saba rubuta kwateshan a Word ko Excel. Layin oda yana buƙatar kaya mai lamba a rumbun manhaja. Idan mai sayarwa ya rubuta "kwano mai kyau, 30" da hannu, babu abin da kwamfuta za ta kama. Wane kwano, mai wane kauri, talatin ɗin me? Bandir ɗin kwanon rufi na gargajiya falle 20 ne. Mai sayarwa yana magana da bandir, mai sito yana ƙirga falle. Idan an gaya wa manhaja tun farko cewa bandir ɗaya falle 20 ne, bandir 30 na kwateshan zai isa sito a matsayin falle 600. Idan ba a gaya mata ba, mai sito zai ga 30 ya fitar da abin da ya fahimta. Haka rodi: da guda aka yi ciniki ko da tan? Haka kuɗin mota da kuɗin 'yan dako, waɗanda ake yawan faɗa da baki. Su ma a ba su layi a kwateshan, ko da sifiri za a rubuta don nuna kyauta ne.

Shi ya sa nake ba mai ƙaramin kamfani shawara kada ya fara da cikakkiyar atomatik. Ya fara da tsabtace jerin kayansa da ma'aunansu, ya hana rubuta kwateshan a wajen manhaja, ya bar ma'aikaci yana danna maɓalli ɗaya na tsawon wasu watanni. A wannan lokaci ya riƙa gwaji mai sauƙi a ƙarshen kowane mako: a jera kowace oda kusa da kwateshan ɗinta a gwada jimla. Ta ɗan kwangilarmu, idan ya karɓi komai, dole ta zama naira 5,267,500 a duka biyun. Idan siminti da rodi kawai ya ɗauka, 3,350,000 ne, a cire ragin kashi 2 ya koma 3,283,000, a ɗora haraji 246,225, jimla 3,529,225. A nan ma akwai tarko: ragin da aka rubuta a matsayin kaso yana raguwa tare da kayan, amma wanda aka rubuta a matsayin dunƙulalliyar naira 100,000 yana iya biyo odar farko gaba ɗaya, ya sake biyo ta biyu. Idan jimla ta kauce, a buɗe layukan a ga inda ta kauce. Sau da yawa za a tarar wani ya taɓa adadi da hannu bayan an kwafe, manhaja kuma ta sake ɗauko farashin yau. ERPNext tana da saitin `Maintain Same Rate Throughout Sales Cycle` da ke gargaɗi ko hanawa idan farashi ya bambanta da na takardar da ta gabata.

Haka kuma a nemo odar da ba ta da kwateshan a bayanta. Kowace irin wannan tana nufin wani ya koma tsohuwar hanya ya buga da hannu, kuma yana da kyau a tambaye shi dalili cikin natsuwa, domin amsarsa kan nuna wurin da tsarin bai dace da yadda ake ciniki ba: wataƙila mai saye ya canza kaurin rodi a minti na ƙarshe, ko yana so a raba kayan zuwa wuraren gini biyu. Sai makonni sun shuɗe jimla tana daidaita, odar da ba ta da kwateshan ta yi ƙaranci, sannan a bar sa hannu ko shigowar kuɗi su riƙa buɗe oda da kansu, a fara da tsofaffin abokan ciniki da kuma odar da ba ta wuce wani adadi da mai kamfani ya yanke ba. Wadda ta wuce wannan adadi ta riƙa tsayawa a `Draft`, cike da layukanta, tana jiran manaja ya duba ya rufe.